Yadda na rarrabe riƙon kuɗi da warwarar ciniki da ƙin amincewa a bayanin asusun katina

Abin da ya sa na zauna na bi takardar bayanin asusuna layi bayan layi shi ne giɓin 160,000 da na gani tsakanin lissafina da abin da manhajar banki ta nuna mini. Kafin wata tafiya da na yi, akwai 500,000 a asusun da katina yake jingine da shi. A cikin tafiyar na biya kuɗin masauki 95,000, na sayi kaya na 40,000 ta na'urar karɓar kuɗi, sannan na yi yunƙurin biyan 15,000 ta intanet amma biyan bai wuce ba. Bisa wannan lissafi ya kamata in tarar da 365,000, sai ga shi manhaja tana cewa abin da zan iya kashewa bai wuce 205,000 ba. Saƙonnin alat da suka shigo wayata ba su taimake ni da komai ba, domin kusan dukkansu lafazi ɗaya ne da su, kowanne yana cewa an cire kaza, ba tare da ya bayyana ko cirewar ta tabbata ko kuwa niyya ce kawai.

Abu na farko da na yi, wanda kuma nake ganin shi ne mabuɗin aikin gaba ɗaya, shi ne na daina kallon babbar lambar da ke saman fuskar manhaja, na nemo ragowa biyu da kowane asusu yake da su. Ɗaya an rubuta mata `Ledger Balance`, wato ragowar da ke cikin littafin banki bayan an shigar da duk cinikin da ya kammala. Ɗayar kuma `Available Balance`, wato abin da banki ya yarda in kashe a yanzu, bayan ya cire duk abin da ya riƙe saboda cinikin da bai kammala ba. Ragowar littafi ta nuna 325,000, ragowar kashewa kuma 205,000. Daga nan giɓin ya rabu gida biyu tun kafin in yi magana da kowa. Tsakanin ragowar biyu akwai 120,000, kuɗin da yake nan a asusuna amma an hana ni taɓa shi. Tsakanin 365,000 da nake tsammani da 325,000 da littafi ya nuna kuma akwai 40,000, kuɗin da ya fita daga asusun da gaske. Waɗannan matsaloli biyu ne mabambanta, masu sanadi daban da magani daban, ko da yake a ido sun haɗu sun zama lamba ɗaya. Haka kuma na lura cewa 15,000 ɗin intanet ba ta cikin ko ɗaya daga cikin giɓin biyu, domin 120,000 da 40,000 sun riga sun cika 160,000 cif.

Kafin in ci gaba, ya kamata in faɗi abin da yake faruwa a cikin 'yan daƙiƙun da mutum yake tsaye yana jiran na'ura ta fitar da rasit, domin ba a fahimtar riƙo da warwara da ƙin amincewa sai da shi. Idan aka sa kati, na'ura takan aika tambaya zuwa bankin ɗan kasuwa, daga can tambayar ta bi ta hanyar kamfanin katin ko wata cibiyar haɗa bankuna har ta isa bankin da ya ba ni katin. Bankina ya duba ko katin yana aiki, ko lambar sirri daidai ce, ko akwai kuɗi, sannan ya mayar da amsa ta wannan hanya. Wannan shi ne neman amincewa. Akwai tsari iri biyu na abin da ke biyo baya. A tsari na farko saƙo biyu ake aikawa: amincewar farko takan sa banki ya riƙe kuɗin kawai, sai daga baya, sau da yawa a ƙarshen rana ko bayan kwana ɗaya ko biyu, ɗan kasuwa ya aiko da saƙo na biyu na neman a biya shi, sannan ne kuɗin yake fita daga littafi. A tsari na biyu saƙo ɗaya ne ya haɗa tambaya da biya, kamar yadda aka saba a na'urar cirar kuɗi da kuma yawancin cinikin cikin gida da ake sa lambar sirri, kuma a nan da zarar banki ya ce ya yarda, ya shigar da cirewar a littafi nan take. Kati ɗaya yana iya bin tsari na farko a wani wuri, ya bi na biyu a wani wurin, kuma haka nawa ya yi a wannan tafiya.

Na fara da mai sauƙi, wato 15,000 ɗin intanet. A manhaja layin yana nan cikin jerin abubuwan da aka yi da katin, da kalmar `DECLINED` a gefensa, amma da na sauke cikakkiyar takardar bayanin asusu, wadda take da ranar shigarwa da ragowar da ta biyo bayan kowane layi, ban same shi ba ko kaɗan. Dalilin a fili yake: takardar nan hoton littafin banki ce, shi kuwa cinikin da banki ya ƙi amincewa da shi bai taɓa shiga littafi ba, bai kuma jawo riƙo ba. Manhaja tana nuna shi ne domin mai kati ya san an gwada amfani da katinsa. A ƙa'idar ISO 8583, wadda aka fara bugawa a 1987 kuma har yau ita ce harshen da yawancin na'urorin kati suke magana da shi, amsar banki tana zuwa da lamba mai harafi biyu. `00` na nufin an amince, `51` na nufin kuɗi bai isa ba, `55` lambar sirri ba daidai ba ce, `54` wa'adin kati ya ƙare, `05` kuma banki ya ƙi ba tare da ya faɗi dalili ba. Da na tambaya daga baya, aka gaya mini cewa nawa `57` ne, wato ba a buɗe wa katin irin wannan ciniki ba. Babu abin da za a mayar mini a nan, domin babu abin da aka ɗauka, kuma duk wanda ya zauna jiran dawowar kuɗin irin wannan ciniki zai yi ta jira ne a banza.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a kiyaye, kuma shi ne ya kai ni ga 40,000 ɗin. Kalmar `DECLINED` da mutum ya gani a fuskar na'ura ko a shafin ɗan kasuwa ba lallai ba ne ta zama maganar bankinsa. Na'ura takan rubuta wannan kalma, ko makamanciyarta, duk lokacin da ba ta sami amsar amincewa a cikin lokacin da aka ƙayyade mata ba, ko da kuwa banki ya riga ya amince, amsar ce ta maƙale a hanya. A wurin sayen kayan na sa katina, na sa lambar sirri, na'urar ta daɗe tana juyawa da kalmar `PROCESSING`, sannan ta fitar da ɗan guntun rasit mai nuna cewa ciniki bai yiwu ba. Mai kanti ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini, ya ce, "Ka gani da idonka, Malam, bai shiga ba," kuma gaskiyarsa ce, domin a wajensa bai shiga ba. Muka sake, wannan karon ya wuce, na karɓi kayana. Na ajiye rasit ɗin biyu, mai nasara da marar nasara, kuma wannan ɗabi'a ce da nake ganin ta fi kowace amfani ga mai kati, domin rasit ɗin da aka fi yawan jefarwa shi ne wanda ake buƙata ranar da lissafi ya rikice.

Da na shimfiɗa rasit ɗin biyu a kan tebur kusa da takardar bayanin asusu, sai na ga bambancin da ban lura da shi ba a kanti. Rasit mai nasara yana ɗauke da `RESPONSE CODE 00` da wata lamba mai harafi shida a gaban `AUTH CODE`, wadda ita ce shaidar da banki yake bayarwa idan ya amince. Rasit marar nasara ba shi da wannan lamba, wurinta fayau yake, kuma babu `51` ko `55` ko wata lambar da ke nuna banki ya duba ya ƙi, sai rubutun da ke nuna lokaci ya ƙure ba a sami amsa ba. Amma dukkansu biyu suna da `RRN`, lamba mai harafi goma sha biyu da take bin ciniki tun daga na'ura har zuwa banki, kuma lambobin biyu ba ɗaya ba ne. A takardar bayanin asusu kuwa na tarar da cirewar 40,000 sau biyu a rana ɗaya, kowace da ranar shigarwarta, kowace ta rage ragowar da ke gefenta, kuma lambar kowace ta yi daidai da ta ɗaya daga cikin rasit ɗin. Wannan ya tabbatar mini cewa yunƙurin farko ba ƙin amincewa ba ne. Bankina ya amince, ya cire kuɗin saboda cinikin na tsarin saƙo ɗaya ne, amsarsa ce ba ta iso na'ura a kan lokaci ba.

Tsarin ya san irin wannan yana faruwa, kuma ya tanadi maganinsa, wanda shi ne warwarar ciniki. Idan na'ura ko cibiyar da ke tsakani ta aika tambaya ba ta sami amsa ba, wajibi ne ta aika wani saƙo na daban mai cewa a soke cinikin da ke ɗauke da lamba kaza, ko an amince da shi ko ba a amince ba. A ƙa'idar da na ambata, tambayar neman amincewa tana da lamba `0100`, cinikin saƙo ɗaya `0200`, saƙon warwara kuma `0400` ko `0420`. Idan komai ya tafi daidai, warwarar takan iso cikin daƙiƙu ko mintuna, mai kati ya ga alat biyu a jere, na cirewa da na mayarwa. Idan kuwa matsalar sadarwar da ta hana amsa isowa ita ce ta hana saƙon warwara fita, sai ya zauna a na'ura har ta sake samun hanya, ko kuma ya ɓata gaba ɗaya, a jira sai bankunan biyu sun daidaita littattafansu sun gano cewa an cire wa mai kati kuɗin da ɗan kasuwa bai karɓa ba. Nawa yana cikin kashi na biyu, shi ya sa a ranar da na zauna lissafi ba ta iso ba tukuna.

Lokacin da ta iso, ga yadda layukan uku suka kasance a takardar:

```
POS PURCHASE  RRN 000417552901  40,000.00 DR
POS PURCHASE  RRN 000417553066  40,000.00 DR
REVERSAL      RRN 000417552901  40,000.00 CR
```

Alamomin da na gane warwara da su uku ne, kuma na same su duka a nan. Adadin ya yi daidai da na cirewar farko ba ƙari ba ragi, lambar ciniki ita ce ta cirewar farko ba sabuwa ba, sannan shigowarta ta ɗaga ragowar littafi daga 325,000 zuwa 365,000, ragowar kashewa kuma daga 205,000 zuwa 245,000. Wasu bankuna sukan taƙaita kalmar su rubuta `RVSL` ko `REV`, wasu kuma sukan rubuta cirewar ce da alamar ragi a gabanta maimakon su sa ta a gefen shigowa, amma lambar ciniki ba ta ƙarya. Wannan ne kuma ya bambanta warwara da mayar da kuɗi na wanda ya sayi kaya ya mayar da su. Mayar da kuɗi sabon ciniki ne da ɗan kasuwa yake yi da son ransa bayan ya riga ya karɓi kuɗin, yana zuwa da lambarsa ta kansa, yana iya zama rabin adadin ko wani sashe nasa, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana. Warwara kuwa sokewa ce ta cinikin da bai kamata ya tsaya ba tun farko.

Akwai wani nau'in warwara da ba ya barin layi ko ɗaya a takarda, kuma yana rikita mutane da yawa. Idan cinikin na tsarin saƙo biyu ne, abin da amincewar farko ta haifar riƙo ne kawai, don haka abin da warwara za ta yi shi ne ta saki riƙon. Mai kati zai ga layin da ke jira ya ɓace, ragowar kashewa ta ƙaru, amma ba zai ga wani layi na shigowar kuɗi ba, ba kuma lallai ne alat ya shigo ba. Na sha jin mutane suna cewa ba a mayar musu da kuɗinsu ba domin ba su ga alat na shigowa ba, alhali kuɗin bai taɓa fita ba balle ya shigo. Abin da za a duba a nan shi ne ko ragowar biyu sun daidaita.

Saura 120,000, wadda ita ce ta fi girma kuma ta fi cin lokaci. A manhaja layin yana ɗauke da sunan masaukin da kalmar `PENDING`, da ranar da na isa, amma babu shi a takardar bayanin asusu, kuma wannan ya sa a kallon farko yana kama da layin 15,000 da aka ƙi. Bambancinsu shi ne wannan ya rage ragowar kashewa, wancan bai rage komai ba. Na tuna cewa ranar da na isa, ma'aikacin karɓar baƙi ya nemi katina ya ce za su ɗan riƙe wani abu na jingina, kuma rasit ɗin da ya ba ni yana da `PRE-AUTH` a samansa da lambar amincewa mai harafi shida. Masaukai da kamfanonin hayar mota suna yin haka ne domin ba su san adadin ƙarshe ba sai baƙo ya tashi tafiya, sai su kimanta kuɗin kwana da abin da zai iya biyo baya su nemi banki ya keɓe musu. Riƙo yana kama da hular da mutum ya ajiye a kan kujera ya fita: bai zauna ba, amma wani ma ba zai zauna ba har sai ya dawo ko an tabbata ba zai dawo ba.

Yadda ya kamata abin ya ƙare shi ne, ranar tafiya masauki ya kammala wannan riƙon da adadin gaskiya. Da sun yi haka, da saƙon neman biyan 95,000 ya iso bankina ɗauke da lambar amincewar farko, banki ya gane su abu ɗaya ne, ya shigar da 95,000 a littafi, ya saki 120,000 ɗin gaba ɗaya. Da na kwatanta rasit ɗin isowa da na tafiya, sai na ga lambobin amincewarsu sun sha bamban, kuma na biyun an rubuta masa `PURCHASE`. Ma'anar wannan ita ce an sake sa katina an yi sabon ciniki, an karɓi 95,000 ta hanyarsa, an bar riƙon farko a rataye babu wanda ya kammala shi, babu wanda ya soke shi. Bankina ba shi da hanyar sanin cewa sabon cinikin ya maye gurbin tsohon, domin a idonsa alkawari biyu ne ya ɗauka, an zo an karɓi ɗaya, ɗayan kuma har yanzu ana iya zuwa a karɓa.

Wannan ne ya sa, da na je banki tun kafin warwarar 40,000 ta iso, ma'aikaciyar da ta saurare ni ta raba maganar gida biyu kamar yadda na raba ta. Game da 40,000 ta karɓi lambar ciniki da rana da adadi da lambar na'urar da ke kan rasit, ta buɗe mini ƙorafi, ta ba ni lambar bibiya. Game da 120,000 kuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba a cire maka shi ba, yana nan a asusunka. Mun yi wa masaukin alkawari ne, kuma ba za mu janye ba sai sun sake mu ko wa'adi ya cika." Na ga hikimar wannan matsayi ko da yake ni ne aka takura, domin da banki yana sakin riƙo da zarar mai kati ya nema, da babu masaukin da zai yarda da jinginar kati. Shi ya sa ba a buɗe takaddama a kan cinikin da ke jira, sai wanda ya shiga littafi.

Hanya biyu ce ta rage mini. Ta farko ita ce in jira wa'adi. Kowane riƙo yana da ranar mutuwa, kuma tsawonta ya danganta da irin cinikin da dokokin kamfanin katin da kuma tsarin bankin da ya ba da shi. A dokokin Mastercard, alal misali, amincewar ciniki na yau da kullum tana da kwana 7, ta jingina irin ta masauki kuma tana da kwana 30. Tun da nawa na jingina ne, jira na iya kai ni wata guda ba tare da na taɓa kuɗin ba. Ta biyu ita ce in nemi masaukin ya aika warwara. Na kira su, na nemi a haɗa ni da sashen lissafi, domin ma'aikacin karɓar baƙi zai duba na'urarsa ne kawai ya ce sun karɓi 95,000 ba su ƙara komai ba, kuma zai zama ya faɗi gaskiya. Ban ce musu an cire mini kuɗi sau biyu ba, tun da ba haka ba ne, kuma faɗin haka yakan sa a tafi neman abin da babu shi. Na ce musu akwai jinginar 120,000 ta ranar isowata da ba a soke ba, na karanta musu lambar amincewa da lambobi huɗu na ƙarshen katina, na roƙe su su soke ta daga na'urarsu ko ta hannun bankinsu. Ban ba su cikakkiyar lambar kati ba, ban kuma ba su lambobi uku na bayansa ba, domin sokewa ba ta buƙatar su, kuma duk wanda ya neme su da sunan zai saki riƙo, a tsaya a yi tunani.

Bayan 'yan kwanaki layin `PENDING` ya ɓace daga manhaja. Babu alat, babu sabon layi a takarda, kamar dai yadda na bayyana a sama. Ragowar littafi ta tsaya a 365,000 inda take, ragowar kashewa ta tashi daga 245,000 ta same ta.

Ɓacewar layin da ke jira ba kullum take nufin an gama ba, kuma wannan shi ne tarkon da nake ganin ya fi kowane haɗari a cikin al'amarin. Ni na natsu ne domin na san an riga an biya masaukin ta wani cinikin, ga shaidar 95,000 a littafi. Amma a ce mutum ya sayi kaya ya karɓa, riƙon ya zauna mako guda, sannan ya ɓace ba tare da wata cirewa ta bayyana ba. Abin da ya faru a nan shi ne ɗan kasuwa ya yi jinkirin aiko da saƙon neman biya har wa'adin riƙo ya cika, banki ya saki kuɗin. Bashin bai mutu ba. Saƙon yana iya isowa daga baya, banki ya cire kuɗin ba tare da ya sake tambayar kowa ba, kuma idan mai kati ya riga ya kashe su, asusunsa na iya shiga giɓi. Saboda haka duk lokacin da riƙo ya ɓace, tambayar da nake yi wa kaina ita ce ko na karɓi kayan ko aikin, idan kuma na karɓa, ina layin da ya nuna an biya. Idan babu shi, nakan bar kuɗin a wurin in ɗauka ba nawa ba ne.

Haka nan akwai cinikin intanet da shafin ɗan kasuwa zai ce bai yiwu ba, amma a ga layin `PENDING` a manhaja kuma ragowar kashewa ta ragu. Wannan ba irin 15,000 ɗina ba ne. Banki ya amince ya riƙe, ɗan kasuwa ne ya ƙi ci gaba daga baya, watakila domin adireshin da aka rubuta bai dace da na banki ba, ko tsarinsa na kariya daga zamba ya yi shakka. Idan bai aika warwara ba, riƙon zai zauna har wa'adinsa. Wanda ya ci gaba da danna maɓallin biya a irin wannan hali yana iya tara riƙo a kan riƙo har ragowar kashewarsa ta ƙare, sannan banki ya fara mayar da `51` na gaske, alhali kuɗinsa yana nan a littafi ko kaɗan bai ragu ba. Idan kuma cinikin da kuɗin wata ƙasa ne, kada a yi mamaki idan adadin da aka riƙe ya ɗan bambanta da wanda aka shigar daga baya, domin farashin canji na ranar amincewa ba lallai ne ya zama na ranar biya ba, kuma a irin wannan hali lambar amincewa ce take haɗa layukan biyu, ba adadi ba.

Da warwarar 40,000 ɗin ba ta zo ba, da ƙorafin da na buɗe ya zama takaddama ta hukuma, inda bankina zai nemi kuɗin daga bankin ɗan kasuwa a kan hujjar cewa an cire sau biyu a kan kaya ɗaya. A nan ne rasit marar nasara yake zama shaida, tare da rasit mai nasara da ke nuna cewa na biya ta ciniki na biyu. Takaddama tana da nata wa'adin, wanda a dokokin manyan kamfanonin kati yakan kai kwana 120 a yawancin dalilai, amma bankuna sukan sa nasu wa'adin da bai kai haka ba domin su sami lokacin shirya takardu, kuma cinikin da ya bi ta cibiyar cikin gida yana bin dokokin wannan cibiyar ne. Saboda haka na nemi ma'aikaciyar ta gaya mini ranar ƙarshe da ya kamata in ga sakamako, na rubuta ta a bayan rasit ɗin tare da lambar bibiya, kuma da layin `REVERSAL` ya bayyana da lambar da ta dace, na koma na sanar da su a rufe ƙorafin, domin kada a mayar mini da kuɗin sau biyu sannan a zo daga baya a sake cire ɗaya a lokacin da ban shirya ba.